Hotuna huɗu da suka ƙi tsayawa a sahu

Talata, Unguwar Rimi, Kaduna

Gobe ne taron iyayen yara a makarantarmu, kuma ni aka ɗora wa haɗa silaid. Tun bayan la'asar nake fama da shafi ɗaya tak: hotuna huɗu na azuzuwan da aka gyara, kowanne da rubutu a ƙarƙashinsa. In na ja wannan da hannu, sai wancan ya karkace. A laftof ba a cika lura ba, amma na san halin majigi, ɗan bambancin da bai kai kan farce ba sai ya koma taƙi guda a bango.

Ƙanena ya dawo daga Kawo, ya leƙa ya ce, "Yaya, ai sahun nan ko liman bai yarda ba. Ki daina aunawa da ido."

Ya shiga View a PowerPoint, ya kunna Ruler da Guides. Layuka biyu suka bayyana, sun gicciye a tsakiyar shafin. Faɗin silaid ɗin santimita 33.87 ne, kuma awon yana farawa daga tsakiya, don haka muka kai layin tsaye wajen 15.4 a hagu. Ya riƙe Ctrl ya ja shi, wani ya fito, muka ajiye a 15.4 ta dama. Gefe ya samu kenan, kusan santimita ɗaya da rabi kowane ɓangare. Layukan ba sa fita a majigi, na tambaya har sau biyu.

Daga nan muka mai da faɗin kowane hoto santimita 7. Na farko ya jingina da layin hagu, na ƙarshe da na dama. Muka zaɓi duka huɗun, muka danna Align Top, sannan Distribute Horizontally. Na gefe biyun ba su motsa ba, na tsakiya ne suka gyara tsayuwa, tazarar ta zama kusan santimita ɗaya a ko'ina.

Da ya tafi sallar magariba sai na ce bari in nuna tawa bajintar. Na haɗa kowane hoto da rubutunsa da Ctrl+G, na sake rabawa, sai ga tazara ta lalace. Na ɗauki minti ashirin kafin in gano dalili. Akwatin rubutun hoto na uku ya fi hoton faɗi, ita kuwa kwamfuta daga bakin akwati take auna tazara, ba ruwanta da abin da ido ke gani. Na warware su, na mai da akwatunan duka santimita 7, na sake. Suka daidaita.

Ana kiran isha aka ɗauke wuta, batir saura kashi 18. Na adana aikin a filasha. Sauran shafuka shida sai da asuba, da yake layukan suna nan a kowane shafi.