Motar Hajiya: sau biyu ina kuskure kafin na ɗauko tef ɗin tela

Motar farko da na saya da niyyar riƙa kai mahaifiyata Hajiya asibiti da unguwa salun ce, baƙa, mai kujerun fata. Ranar da na kawo ta gida Hajiya ta shafa ƙofar ta ce, "Allah ya yi albarka, ya tsare." Daga nan ba ta ƙara cewa komai a kanta ba. Sai dai na lura duk lokacin da na ce mu je gidan Yaya, sai ta ce a bari sai wani satin. Biki ya zo, ta ce a kai mata gudummawa kawai. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta ƙin fita. Wata huɗu aka yi a haka kafin ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Ba fitar ce ba ta so ba, motar ce. In ta dawo kwana biyu take tana shafa magani a gwiwa."

Ku da iyayenku suka fara manyanta, ku riƙe wannan tun yanzu: uwa ba za ta ce maka motar da ka saya da guminka tana wahalar da ita ba. Kai ne za ka tsaya ka kalli yadda take shiga da yadda take fita.

Da na tsaya na kalla, sai na ga abin da ya shige mini duhu. Kujerar salun tana ƙasa sosai. Wajen shiga, gwiwar Hajiya ba ta iya riƙe nauyinta har ta kai ƙasa, sai ta sake jiki ta faɗa kan kujerar. Fita kuma ta fi wuya, domin ƙugunta yana zaune ƙasa da gwiwarta, tamkar mai tashi daga kujera 'yar tsugunno. Ga rufin da ke tilasta mata sunkuyar da wuya. Mai ciwon gwiwa babu abin da ya fi ba shi wuya irin miƙewa daga zama mai zurfi.

Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Na ce tunda ƙasa ce matsalar, sama ce magani. Na sayar da salun, na cika kuɗi, na ɗauko babbar jif mai matakala a gefe. Dillalin har cewa ya yi, "Alhaji, wannan ai motar manya ce." Motar manya ce kuwa, amma manyan da ƙafarsu ke da lafiya. Sai Hajiya ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan siririyar matakalar, ta kama hannun da ke jikin ginshiƙin ƙofa, ta ja jikinta sama, nauyinta duka a kan gwiwa ɗaya. Kuma da zani take, wanda ba ya barin a buɗe taki. Muka koma yawo da ƙaramar kujera a but don ta riƙa takawa. Wata rana a ƙofar asibiti kujerar ta goce a kan tayil, ba don ina riƙe da kafaɗarta ba da labarin ya zama wani.

Wani mai gashin ƙashi da ke duba ta ne ya gyara mini tunani. Ya ce in daina tambayar ko mota doguwa ce ko gajera, in auna Hajiya tukuna. Da tef ɗin tela aka yi aikin. Ƙanwata ta auna ta a tsaye, sanye da takalmin da take fita da shi, daga ƙasa zuwa inda cinya ta haɗu da mazaunai: inci 28. Ya ce kujerar da ta dace da ita ita ce wadda samanta yake daidai nan ko ƙasa da haka kaɗan, yadda in ta juya baya za ta zauna ba tare da ta faɗa ba, ba kuma tare da ta yi ɗage ba. Na je na auna jif ɗina daga ƙasa zuwa gefen kujera, na samu inci 33. Na auna salun ɗin maƙwabcina irin wadda na sayar, inci 21. Ɗaya ta wuce ta da inci 5, ɗaya ta gaza da 7. Abin da ya dace yana tsakiya, a ajin su RAV4 da CR-V, kuma wadda na saya daga ƙarshe inci 26 na samu a kujerarta.

Tsayin kujera ba shi kaɗai ake aunawa ba. Ku duba dokin ƙofa, wato ƙarfen da ƙafa ke tsallakawa. In yana da faɗi, ko kuma daɓen motar ya yi zurfi a bayansa, sai tsoho ya ɗaga ƙafa sama kafin ya fitar da ita, kuma nan ne yatsu ke harɗewa. Irin su Sienna daɓensu a shimfiɗe yake, ƙafa zamewa kawai take yi ta fita. Ku duba gefen kujerar ma: mai tudu a gefe tana da kyan gani, amma tana tare cinya wajen juyawa. Shimfiɗaɗɗiya ta fi.

Akwai wata magana da sai da muka yi ta lallashi. Girmamawa ta sa muke ajiye babba a gidan baya, alhali ƙofar baya ta fi ƙunci, ga tudun taya ya ci wurin, ga ɗan sararin da ƙafa za ta bi tsakanin kujera da ginshiƙi. Gaba ya fi sauƙi, in aka tura kujerar baya har ƙarshe. Hajiya ta ce, "Ni da girmana in zauna gaba kamar 'yar rakiya?" Sau ɗaya ta gwada, ba ta sake neman baya ba. Yadda take shiga yanzu: ta juya wa kujera baya, ta zauna tukuna, sannan ta juyo da ƙafafun ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kama ƙofa, domin ƙofa tana motsi. Jikin motar take dafawa ko hannuna. Kujerar fata tana taimakawa wajen wannan juyin saboda santsinta, sai dai a zafin Kano na watan Afrilu ina shimfiɗa tawul a kai in zan bar motar a rana.

Ko bayan na dace da motar, Hajiya ta riƙa cewa "wash" a kowane rami. Na zargi shokoziba, ashe taya ce. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya sa mata manyan rim da siraran tayoyi don ado. A jikin taya akwai rubutu irin `225/65R17`. Lambar tsakiya tana nuna kaurin gefen tayar, kuma ƙaruwarta ƙaruwar robar da ke shanye girgiza ce. Tawa 45 na tarar, na mayar da ita 65 yadda aka ƙero ta. Sannan mai faci ya saba dura mini iska har 45, alhali takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba 32 ta ce.

Ranar da zan biya kuɗin motar ta uku ban je ni kaɗai ba. Na roƙi dillalin ya kawo ta ƙofar gida bayan La'asar, lokacin da gwiwar Hajiya ta gaji da zirga-zirgar yini. Na ce ta shiga ta fita sau uku. Ban tambaye ta ko ta yi mata ba, don na san amsar da za ta ba ni. Fuskarta na riƙa kallo, da hannunta, in ga ko zai nemi abin kamawa. A fita ta uku ta miƙe ba ta dafa komai ba, ta gyara mayafi, ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu sai ka kai ni in duba Yaya."