Fanel nawa ake jerawa a layi ɗaya?

A aikin sola na koyi cewa lambobin da ke manne a bayan fanel an auna su ne a zafin digiri 25, fanel kuwa da wuya ya zauna a wannan zafin a kan rufi. Sanyi yana ɗaga ƙarfin wutarsa, zafi yana sauke shi, ita kuma inbata tana da iyaka sama da ƙasa.

Mu ɗauki fanel mai wat 550 da aka rubuta masa Voc 49.5, wato bolt ɗin da yake bayarwa idan ba a ja wuta daga gare shi, da Vmp 41.5, wato bolt ɗinsa lokacin da yake cikin aiki, da inbatar da ba ta jure fiye da bolt 500, MPPT ɗinta kuma, wato sashen da ke karɓar wutar fanel, yana aiki daga bolt 120 zuwa 450. Idan aka jera fanel 10 za a samu 495, sai mai haɗawa ya ce ai bai kai 500 ba. To amma takardar fanel ɗin ta ce Voc yana ƙaruwa da kashi 0.27 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da aka sauka. Da safiyar hunturu a wuri kamar Jos, a ce digiri 8, an sauka da 17, ƙarin ya kai kusan kashi 4.6. Kowane fanel ya koma 51.8, goman sun ba da 518. Haske kaɗan ya isa ya tayar da Voc kafin fanel ya ɗumama, shi ya sa matsalar ke zuwa da sassafe: inbata ta nuna alamar wuta ta yi yawa, hantsi na yi ta ɓace. Wanda ya yi sa'a ke nan. Wani kuwa, inbatar ce ke ƙonewa, garanti kuma ba ya ɗaukar irin wannan. Fanel 9 suna tsayawa a 466, nan ne iyakar sama.

Ɓangaren zafi ya fi ruɗar mutane, domin babu abin da ke ƙonewa. A nan da Vmp ake lissafi, kuma da zafin jikin fanel, wanda kan ɗara na iska da digiri 25 zuwa 30. A watan Afrilu a Sakkwato, iska na 42, fanel ya kai 70 ba abin mamaki ba ne. Vmp yana raguwa da wajen kashi 0.35 a kowane digiri, wato kusan kashi 16, ya dawo bolt 35. Fanel 3 da suka nuna 124 a takarda sun zama 105, ƙasa da 120. Sai a ga caji ya faɗi da tsakar rana, la'asar na yi ya dawo, mai gida ya ɗora wa batir laifi.

Saboda haka wannan inbata tana ɗaukar 4 zuwa 9. Ni dai ba na son tsayawa a 4, don 140 ne kawai, doguwar waya kuma tana cin nata. Idan kuɗi da rufi sun ba da dama, 7 ko 8 nake sawa.