Giram 33 a allo, giram 19 a kofi: abin da na koya a kantar gidan motsa jiki

Ƙarshen watan jiya na ajiye aikin kantar sayar da haɗin furotin a gidan motsa jikin da nake yi wa aiki a Kaduna. Waɗanda suka san wurin sun san teburina kusa da ƙofar fita, da bilenda biyu, da allon da muka rubuta farashi a kai. Mutane da yawa sun tambaye ni dalili, wasu kuma sun riga sun ji labarin da ba haka yake ba. Shi ya sa zan faɗi yadda aka yi da alƙalumansa, domin lissafi ne ya raba ni da wurin, kuma duk mai haɗa garin furotin da madara da ayaba, a kanta ko a gida, zai iya faɗawa ramin da muka faɗa.

Ni na lissafa abin da aka rubuta a allon tun farko. Garin da muke amfani da shi a lokacin irin wanda ake cirowa daga ruwan da madara ke saki wajen yin cuku ne. A jikin robar an rubuta cewa awo ɗaya shi ne ludayi ɗaya, giram 30, kuma a cikinsa akwai furotin giram 24, kabohaidiret giram 3, maiƙo giram ɗaya da rabi, kalori 120. Muna zuba madarar kwali mai cikakken maiƙo mililita 250, wadda ke ba da furotin kusan giram 8, kabohaidiret 12, maiƙo 8. Sai ayaba ɓararriya giram 100: furotin giram 1, kabohaidiret 23, maiƙo kuwa bai kai rabin giram ba. Idan ka tara, kofi ɗaya na da furotin giram 33, kabohaidiret 38, maiƙo wajen 10. Kalori kuma, giram ɗaya na furotin huɗu ne, na kabohaidiret huɗu, na maiƙo tara, sai ka samu kimanin 370. In ka bi ta alƙaluman kowane abu daban za ka ga 360, saboda wani ɓangare na kabohaidiret ɗin ayaba harza ce da jiki ba ya cin moriyarta duka. Na rubuta "furotin giram 33" da hannuna, kuma ina alfahari da shi, don gaskiya ne.

Da kaya suka yi tsada, manaja ya sauya gari. Ya kawo wata roba mai rahusa, an rubuta "25" da manyan lambobi a gabanta, ya ce mini wannan ma ya fi wancan da giram ɗaya. Na juya bayan robar. Gaskiya ne akwai furotin giram 25 a awo ɗaya, amma awon nasu ludayi biyu ne, giram 50. A cikin giram 50 ɗin akwai kabohaidiret 17 da maiƙo 3.

Nan ne duk maganar take, kuma ina so mai karatu ya tsaya a kai. Lambar gaban roba ba ta gaya maka komai sai ka san nauyin garin da ta fito daga ciki. Raba furotin da nauyin awo: tsohon gari 24 cikin 30, wato kashi 80 cikin ɗari, sabon 25 cikin 50, rabi ke nan cif. Sauran rabin fa? Jerin kayan haɗi ya ba da amsa, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma na biyu a jerin sabuwar robar maltodestirin ne, garin sitaci mai araha. Ba guba ba ne, amma ba shi mutane suka zo saye ba.

Na ce masa, "Oga, in za mu bar 33 a allo, sai mun riƙa zuba ludayi biyu." Ya ce ludayi ɗaya muka saba, ludayi ɗaya za a ci gaba. Na ce to a gyara allon. Ya ce in bar allo yadda yake, wa zai auna?

Ba a jima ba madara ma ta sauya. Rashin wuta ya sa madarar kwali tana lalacewa bayan an buɗe ta, sai aka koma ta gari. Wannan ba laifi ba ne, ni ma da ita nake shan shayi. Madarar gari mai cikakken maiƙo tana da furotin wajen giram 26 a cikin 100, maiƙo kusan haka, kabohaidiret wajen 38. Don ka samu kwatankwacin mililita 250 na madarar ruwa, kana buƙatar kimanin giram 32 na garin. Umarnin da aka ba ni shi ne cokali biyu. Na ɗora cokali biyun nan a sikeli, cike da tozo, suka ba ni giram 20. Haɗin ya fito tsararo, masu saye suka fara ƙorafi, sai aka ce in ƙara ayaba don ya yi kauri, tunda ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun. Ayaba ta tashi daga giram 100 zuwa 150.

Ga abin da kofin ya koma. Gari giram 25: furotin 12 da rabi, kabohaidiret 8 da rabi, maiƙo ɗaya da rabi. Madarar gari giram 20: furotin 5, kabohaidiret 8, maiƙo 5. Ayaba giram 150: furotin ɗaya da rabi, kabohaidiret 34, maiƙo rabi. Jimilla furotin giram 19, kabohaidiret 50, maiƙo 7, kalori tsakanin 330 da 340.

Dubi alƙaluman da kyau za ka ga abin da ya fi damuna. Kalori bai ragu sosai ba. Kofin yana cika, yana da kauri, ya ma fi na da zaƙi, wanda ya sha zai ji ya ƙoshi. Ido da harshe da ciki duk ba za su kama komai ba. Giram 14 na furotin ne suka ɓace, sukari da sitaci suka maye gurbinsu. Ga yaron da ya zo don ya ƙara ƙiba, wataƙila bai yi babbar asara ba. Amma muna da mutanen da ke rubuta abincinsu kullum, muna da wani dattijo mai ciwon sukari da ke lura da kabohaidiret ɗin da yake ci, kuma abin da muka taɓa faɗa masa shi ne 38. Duk sa'ad da na miƙa masa kofi sai gabana ya faɗi. Daga baya na riƙa rage masa ayaba ina gaya masa dalili a hankali.

Wanda ya tona abin wani matashi ne mai ɗaga ƙarfe, mutum mai natsuwa. Ya hango sabuwar robar a ƙarƙashin tebur, ya ce in miƙo masa ya gani. Ya karanta, ya dube ni ya ce, "Malam, ludayi nawa kake zuba mini?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To ina 33 ɗin?" Na ce masa babu shi, 19 ne, na kuma nuna masa lissafin a littafina.

Ya je wurin manaja. Abin da manaja ya gaya masa, a gaban mutane, shi ne umarninsa ludayi biyu ne, ni ne nake rage gari ina kaiwa gida. Ya cire kuɗin roba guda daga albashina. Na roƙe shi mu zauna da littafin ciniki: roba mai kilo ɗaya tana ba da kofi 40 in ludayi ɗaya ake zubawa, kofi 20 in biyu ne, kuma littafin ya nuna kuɗin kofi kusan 40 ya shiga aljihun gidan a kan kowace roba. Da ina satar rabi, da me na haɗa sauran? Ya ce ba ya da lokacin lissafin yara. Har yau in na tuna kalmar ɓarawo a bakinsa raina yana ɓaci, don ya san gaskiya, kuma ya san na sani.

Abin takaicin shi ne ko a harkar kuɗi bai ci riba ta halal ba. Kilo ɗaya na tsohon gari furotin giram 800 ne, na sabon 500. Sai farashin sabon ya yi ƙasa da kashi biyar cikin takwas na tsohon kafin a kira shi araha, kuma bai yi ƙasa haka ba. Ga wanda ke da irin wannan roba a gida: don ka samu giram 24 sai ka zuba giram 48, wanda zai jawo maka kabohaidiret 16 a maimakon 3. Ka sa shi a lissafinka, ka rage ayaba in da buƙata.

Shi kansa ludayin ban ƙara yarda da shi ba. Cika yake aunawa, ba nauyi ba, kamar mudu a kasuwa: na tozo daban, na shafe daban, wanda aka danna daban. Ludayin da aka rubuta wa giram 25 ya taɓa ba ni 22 daga saman sabuwar roba inda garin ke a sake, ya kuma ba ni 29 daga ƙasa inda ya danne, musamman da damina in ya sha raɓa ya dunƙule. Kuma ludayin wata roba ba ya aiki a wata, don girmansu da nauyin garin sun bambanta. Hanyar da na zauna a kai mai sauƙi ce. Ɗora kofin bilenda a kan ƙaramin sikelin kicin, mayar da shi sifiri, zuba gari, rubuta nauyin. Sake mayar da shi sifiri, zuba madara, haka ma ayaba. Sannan ka ninka kowane nauyi da abin da ke cikin giram ɗaya nasa: giram 27 na gari mai kashi 80 furotin giram 21 da ɗoriya ne, ba 24 ba. Ayaba kuma a ɓare ta kafin a auna, don ɓawon kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta.

Sauran darussan gajeru ne. Madarar da aka cire maiƙonta aka sa man itatuwa ba lallai ta kai cikakkiya furotin ba, a karanta bayan ledarta. Madarar gwangwani ta ruwa ta ninka ta kwali kauri kusan sau biyu, kada a lissafa su ɗaya. In kalorin da aka rubuta ya yi nisa da abin da huɗu, huɗu, tara suka ba ka, ka yi shakkar robar. In ciki yana kumburi bayan sha, a fara zargin sukarin madara kafin a zargi ayaba. Kuma duk wanda ya gaje ni a teburin nan, in aka ba ka umarnin awo, ka nemi a turo maka shi a rubuce ta waya, ka ɗauki hoton bayan kowace sabuwar roba ranar da aka buɗe ta. Ni da baki aka gaya mini, shi ya sa albashina ya tafi.