Ɗakin da ya cinye mini ganga: abin da na koya kafin in bar situdiyo

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullin situdiyon da na yi shekara shida ina aiki a cikinsa a titin Gidan Zu, kuma a cikin dukkan ayyukan da suka bi ta hannuna babu wanda nake yawan tunawa kamar guda ɗaya da na lalata. Duk wanda ya san harkar nan a Kano ya san cewa kiɗanmu daga fiyano da kwamfuta yake fitowa, mawaƙi kaɗai ke shiga ɗaki ya tsaya gaban makirfo. Saboda haka ranar da wasu samari huɗu daga Sabon Gari suka sauke cikakken jerin ganguna daga A Daidaita Sahu biyu, suka ce kiɗan rok mai nauyi suke so a ɗauka musu, ban taɓa ɗaukar ganga mai rai ba in ban da kalangu, amma girman kai bai bar ni na faɗa ba.

A irin wannan kiɗa ganguna biyu ne ke riƙe da komai. Akwai kik, babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, wadda nauyinta ke zaune wajen 50 zuwa 80 Hz, wato karkarwa hamsin zuwa tamanin a sakan ɗaya. Akwai kuma sineya, mai wayoyi a ƙarƙashinta, wadda ke faɗowa a bugu na biyu da na huɗu, jikinta yana wajen 200 Hz, tsawarta kuma tana can sama. Jita biyu masu ƙaraji suna cika tsakiyar sauti gaba ɗaya, don haka idan waɗannan ganguna ba su fito da girma ba, jita za ta binne su.

Oga ya ce a saka su a ɗakin murya, domin a nan wayoyinmu suke kuma ba ya son a ƙona man janareto wajen jan sababbi. Ɗakin mita uku ne tsawo, mita uku faɗi, rufinsa ma kusan mita uku, an liƙe bangonsa da soso mai kaurin santimita biyar. Na tura gangunan kusurwa don a sami wurin motsi, na sa makirfo ɗaya a cikin kik, ɗaya a kan sineya, biyu a sama, sannan na kafa makirfon ɗaki, wanda ke ɗaukar sautin ɗakin gaba ɗaya, a tsakiya daidai ƙirjin mutum, domin a ganina tsakiya ita ce wurin adalci. Na koma gaban kwamfuta na sa abin ji a kunne, kuma ban sake shiga ɗakin na saurara da kunnena ba. Wannan shi ne kuskurena, ba na Oga ba, kuma na yarda da shi.

Da muka kunna abin da aka ɗauka, sineya ta fito kamar an mari kwali, ta mutu kafin ta gama fitowa. Kik kuwa ta kasu gida biyu: a makirfon kusa tana gunji a kan murya guda wadda ke jan jiki har ta tarar da bugun gaba, a makirfon ɗaki kuma babu ita, sai ƙas ɗin sandar da ke dukan fata. Makaɗin ya ce, "Malam, wallahi a inda nake zaune gangar nan har ƙirjina take duka, ina ta tafi?" Na kwana biyu ina ƙara mata ƙasa da amsa-kuwwar kwamfuta, amma abin da ya fito ya yi kama da kwalin da aka mara a cikin rijiya. Ranar da suka zo karɓar aiki, Oga ya dube ni a gabansu ya ce, "Kai dai ka san aikin nan ya fi ƙarfinka, me ya hana ka faɗa tun farko?" Na ce, "Haka ne, Oga," domin a gaban baƙi ba a jayayya. Aka mayar musu da rabin kuɗinsu, aka cire daga albashina, kuma ba a ambaci wanda ya zaɓi ɗakin ba.

Sai daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi kafin in taɓa waya ko ɗaya. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan a iska mai matsakaicin sanyi, a zafin Kano kuma ya ɗan haura 350, bambancin da bai sauya komai a nan ba. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai muryar da ke maƙalewa tana kai da komo, kuma ana samun ta idan aka raba 343 da ninkin tazarar da ke tsakaninsu. Ga mita uku, 343 a raba da 6 ya ba da kusan 57 Hz, daidai inda kik take zaune. Tun da tsawo da faɗi da tsayin ɗakin duk ɗaya ne, muryar nan ta taru sau uku a wuri guda. Irin wannan murya ta fi ƙarfi a jikin bango da kusurwa, inda na ajiye makaɗin, shi ya sa ta riƙa dukan ƙirjinsa, kuma tana kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki, inda na kafa makirfona da hannuna. Soson da muke tinƙaho da shi ba ya iya komai a kan sautin da tsawon zangonsa ya kai mita shida. Abin da ya tsotse shi ne sama, wato tsawar sineya da wutsiyarta, ya bar gunjin yana yawo. Ya cinye abin da nake bukata, ya ajiye mini abin da ba na so.

Abin da na gane a lokacin shi ne makirfon kusa ba ya jin ganga yadda mutum ke jin ta. Ba wanda ke sauraren sineya da kunnensa a inci biyu daga fata. Makirfon kusa yana ba da dukan sanda, girman gangar kuma daga bango yake dawowa. Masu wannan kiɗa sun daɗe da sanin haka. A aikin wata waƙa ta kundin ƙungiyar rok ta Led Zeppelin da ya fito a 1971, injiniya Andy Johns ya ajiye gangunan makaɗinsu John Bonham a zauren shiga na wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, ya rataye makirfo biyu a saman matakala, ya matse sautin da kwamfuresa, wato na'urar da ke rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mara ƙarfi, ya kuma ƙara masa na'urar maimaita sauti. Har yau wannan ɗauka ita ake kawo wa misali idan ana maganar gangar rok mai girma, kuma babu makirfo ko ɗaya a jikin fata. Gaskiya ne Bonham yana buga kik mai inci 26, amma ko da an ba shi ɗakin muryarmu, kwali zai fito da shi.

Na nemi samarin da kaina na ce su dawo, ba zan karɓi ko kwabo ba. A bayan ginin akwai wani sito da ba a gama ba, mita bakwai tsawo, biyar faɗi, huɗu tsayi, bulo tsirara ko filasta babu. Da na yi lissafinsa sai muryoyin suka warwatsu: 25, 34, 43, 49, 69, 74, babu wadda ta hau kan wata har ta yi sarauta. Na zaga ina tafa hannu. Kusa da ƙofar ƙarfe tafin yana dawowa da wani zirr mai kaifi, alamar sauti na tsalle tsakanin fuskoki biyu masu santsi, sai na jingina katifa biyu a can na shimfiɗa darduma ƙarƙashin gangunan kaɗai, sauran siminti na bar shi. Daga nan na sa makaɗin ya riƙa taka kik a hankali, ni kuma na toshe kunne ɗaya ina tafiya a duƙe har na sami inda ta cika ba tare da gunji ba, a nan na kafa makirfon ɗaki, daidai gwiwa, tazarar mita uku daga gangar.

Nan ma sai da na kusa sake faɗawa rami. Makirfon ɗaki shi kaɗai yana da daɗi, na kusa ma haka, amma da na haɗa su sai ƙasan kik ya rame. Mita uku na nufin sautin yana isa makirfon ɗaki a makare da kusan milisakan tara, zagaye ɗaya na 60 Hz kuma milisakan 16.7 ne, don haka jinkirin ya faɗa kusan rabin zagaye: lokacin da ɗaya ke tura lasifika gaba, ɗayan yana janyo ta baya. Na danna maɓallin `Ø` a layin makirfon ɗaki, wanda ke juya sautin, nan take ƙasan ya dawo har kofin shayin da ke kan tebur ya motsa. Akwai masu jan layin baya a kwamfuta har ya daidaita da na kusa, amma ni ba na so, domin jinkirin nan shi ne ke gaya wa kunne cewa ɗakin babba ne.

Sai batun tsawon wutsiya, wanda saurin waƙa ke yanke hukuncinsa. Waƙarsu tana tafiya bugu 120 a minti, wato rabin sakan tsakanin bugu da bugu, don haka amsa-kuwwar sineya dole ta yi ƙasa sosai kafin kik ta biyo baya, in ba haka ba su cakuɗe. Kwamfuresa tana ɗaga wutsiyar nan, shi ya sa idan aka matse makirfon ɗaki ganguna ke kumbura, amma tana ɗaga komai tare da ita, har da faifan ƙarfen da ake kira simbal. Na roƙi makaɗin ya sauke ƙarfinsa a kan fata, ya sassauta wa ƙarfen, abin da ya ɗauke shi kusan awa guda kafin hannunsa ya yarda. Ba wani maɓalli da zai yi wannan gyara daga baya.

Sauran darussan ƙanana ne. Makirfon ɗaki yana jin janareto da fanka da hon ɗin titi, don haka mun jira wutar NEPA bayan sallar isha'i, muka yi aikin cikin gumi. Makirfon ƙasan sineya ana juya shi, domin fatar tana nisa da na sama a lokacin da take kusantar na ƙasa. Fatar da ta mutu kuma babu ɗakin da zai raya ta.

Samarin sun karɓi waƙoƙinsu uku, makaɗin ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Bayan wata biyu na ji Oga yana zagayawa da wani baƙo cikin siton, yana bayyana masa cewa da gangan ya hana a yi wa bangon filasta saboda sauti. Kuɗin da aka cire daga albashina ba a mayar ba har ranar da na miƙa makulli. Wanda ya gaje ni na nuna masa alamar alli da na yi a ƙasa inda makirfon ɗaki ke tsayawa, na kuma gaya masa cewa katifun nan biyu nawa ne, amma na bar masa su.