Tarihin Rayuwata, fitowa ta 14: Buhun albasar Galmi

Makon jiya na tsaya inda Yaya Babba ya ba ni jari na buɗe shago a Tawa, kusa da gidan Inna. Har yau in zancen ya taso cewa yake ni na cinye ribar albasa. Ban ci ba. Bari in shimfiɗa lissafin kowa ya gani.

Kawu, Allah Ya jiƙan rai, yakan ce ɗan kasuwar da bai ƙirga ƙafarsa ba bai gama lissafi ba. Yaya bai taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Shi nasa lissafin gajere ne: buhu a Galmi jika 12 lokacin girbi, wajajen Afrilu, a zazzage shi a yi kashi 100 na dala 40, wato sefa 200, a tashi da jika 20. "Ina jika 8, ƙanena?" Haka ya tambaye ni gaban matarsa.

To, jika 12 kuɗin albasa ce a zube a ƙasa. Buhun da ɗinkinsa 500, la'adar dillali 500, masu lodi 200. Motar da za ta bi ta Tsarnawa ta hau hanyar Tawa 1,500 kowane buhu, mai amalanke daga tasha zuwa ƙofar shago 300. Ni kaina kuma ba tashi sama na yi ba: kuɗin motata zuwa da dawowa da abin da na sa a ciki jika 6, buhu huɗu na saro, kowanne ya ɗauki 1,500. Kafin in kwance bakinsa buhun ya kai 16,500.

Sai ɓarna, wadda ita ce Yaya bai taɓa gani da idonsa ba, don yana Yamai. Albasar da aka shayar dab da cira, ko aka cika mata takin zamani, ba ta jure ajiya. Sai ka danna wuyanta da babban yatsa: in ya lotsa, ta tafi, ko da bayanta na sheƙi. Wata ka ɓare ɓawon ka tarar da baƙin gari kamar toka. Ɗaya in ta yi ruwa a tsakiyar buhu sai ta jiƙa na kewayenta, kuma ƙananan ƙudaje ne za su fara gaya maka. Lafiyayyar ma tana shan iska tana raguwa, kashin da ya cika ido yau, bayan mako uku sai ka ƙara masa ƙarama. Ga gyara, wa zai hana maƙwabciya gyara? Manoman can suna da rudu, rumbun ajiyar albasa mai shan iska, ni ɗakin kwano gare ni a zafin Mayu. Kashi 85 na sayar. Kuɗin 15 ɗin nan bai ruɓe tare da su ba, kan sauran ya hau: raba 16,500 gida 85, kowane kashi ya tsaya 194. Ribar kashi ke nan, dala ɗaya da 'yan kai.

Shekaru bayan haka, ranar sunan ɗiyar Yaya ta uku, na ji yana ba baƙi labarin wai hannuna ba ya riƙe kuɗi. Na yi shiru saboda Inna na zaune.

Saura ƙafar da Kawu ke faɗi. Ranar Galmi shago rufe yake, ribar sukari da sabulu da shayi ta yini ɗaya, kamar jika 4, ta wuce ni. Kowane buhu ya ɗauki jika ɗaya. Shanyawa da juyawa da tsince ruɓaɓɓu bayan asuba, da a ce yaro na ɗauka, ba zai yi mini ƙasa da jika ɗaya a buhu ba. Jimla 18,500, kashi ya koma kusan 218. Ina sayarwa 200, ina cika 18 daga gumina, ana kuma kirana mai cin riba.

Ƙara kuɗi bai yiwuwa, matan unguwa dala 40 suka sani, in ka ce 50 sai su zarce kasuwa. Kashin na rage, daga albasa biyar zuwa huɗu. Abin da ya ba da 85 ya koma ba da 106, kowanne ya tsaya mini kusan 175. An yi gunaguni, wata tsohuwa ta ce Galmi ta fara rowa, amma an saya. Daga baya na daina zuwa da kaina sai in zan ɗauko buhu goma, don kuɗin motata da yinin su rabu gida goma.

Duk wannan na rubuta shi a bayan kwalin sukari na aika wa Yaya. Ya ce bai gane rubutuna ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zancen bashin da matarsa ta ci a shagon.