Farar shadda ɗaya, shafi uku

Saura sati uku ƙaramar Sallah, wata mata ta kira Goggo daga Marwa. Ta ce ta nemi farar shadda a Google, sunan shagonmu ya fito, ta danna, sai ga hoton shadda ɗaya tal an rubuta mata ta ƙare. "To ba ku da fara ke nan?" A wannan lokacin kuwa farar shadda zane bakwai ce jere a kan kanta, a shagonmu da ke babbar kasuwar Garwa. Goggo ta lallashe ta, ta ce za a tura mata hotuna a waya. Tana ajiye wayar ta juyo kaina: "Kai ɗana, wannan abin naka talla yake yi ko korar mutane?"

Ni ne na haɗa mata shagon intanet ɗin da WooCommerce, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Irin wannan shago yana da shafuka iri uku. Akwai shafin kaya ɗaya, wanda ke ɗauke da hoto da kuɗi da wurin saye. Akwai shafin rukuni, mai tara duk shaddoji ko duk atamfofi wuri guda. Sai shafin lakabi, wanda ke fitowa da kansa duk lokacin da aka liƙa wa kaya wata kalma. Kowannensu yana da takensa da ɗan bayanin da ke bayyana a ƙarƙashin taken idan an yi bincike, kuma a nan na yi sakaci.

Da dare na buɗe Search Console, shafin Google da ke nuna wa mai shago yadda shafukansa ke fitowa a bincike. Namu a Faransanci yake, don haka na shiga Performances, na tace da kalmar bincike ɗaya ta farar shadda, "bazin riche blanc" (a nan mutane da Hausa ko Fulatanci suke ciniki, amma in sun zo rubutawa a Google sai Faransanci), sannan na danna Pages. Shafuka uku suka fito a kan wannan kalma ɗaya. Da na duba su ɗaya bayan ɗaya a jadawalin kwanaki, sai na ga suna karɓa-karɓa: wannan satin rukuni ne ke fitowa, sati na gaba lakabi, sannan shafin kayan da ya ƙare. Ga takensu:

```
/categorie-produit/bazin/        Bazin riche blanc et couleurs
/etiquette-produit/bazin-blanc/  Bazin riche blanc
/produit/bazin-riche-blanc/      Bazin riche blanc
```

Kamar kishiyoyi uku ne aka raɗa wa suna ɗaya, mai gida ya kira, duk suka amsa. Google ba ya hukunta kowa a kan haka. Zaɓi kawai yake yi, kuma tun 2019 ya sanar cewa galibi ba ya nuna fiye da shafi biyu daga gida ɗaya a sakamakon farko. Tunda ban nuna masa wanda nake so ba, ya zaɓa mini wanda ya ƙare.

Abin da ya warware mini kan zaren shi ne tambayar da Goggo ke yi wa duk wanda ya shigo shago. In mutum ya ce "shadda nake so", ba ta ɗauko masa guda ɗaya, takan kai shi gaban kanta ya zaɓa. In ya ce "irin wadda na saya bara, mai zanen lu'ulu'u, mita biyar", sai ta miƙa hannu ta zaro. Wanda ya rubuta sunan kaya a dunƙule zaɓi yake nema, shafin rukuni ne nasa, kuma rukuni ba ya ƙarewa. Wanda ya ambaci zane ko tsawo ko lamba ya riga ya san abin da yake so, shafin kaya ne nasa. Sai na ɗauki littafi na ja layi biyu, gefe ɗaya kalmar bincike, ɗaya gefen shafin da ya mallake ta, kuma na hana kaina rubuta kalma ɗaya sau biyu.

Farar shadda ta fi ba ni aiki, domin ta cancanci shafinta. Ana nemanta da sunanta a lokacin Sallah da bukukuwa, kuma ba mu taɓa rasa zane biyar ko shida ba. Na mayar da ita ƙaramin rukuni a ƙarƙashin shadda, na tura tsohon adireshin lakabin zuwa sabon da turawa ta dindindin, wato 301. Daga nan na cire kalmar "blanc" daga taken babban rukuni gaba ɗaya. Wannan ya yi mini zafi, don gani nake kamar na zubar da kasuwa, amma barinta a can shi ne asalin rigimar.

```
Bazin riche à Garoua : modèles et prix
Bazin riche blanc : tous les motifs en stock
Bazin blanc motif losange, 5 m, réf. B-214
```

Na farko na babban rukuni ne, na biyu na ƙarami, na uku na kaya. Kalmar shadda da fari suna nan a taken kayan, ba yadda za a yi a cire su, tunda sunan abin ke nan. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Take na biyu yana alkawarin zaɓi, na uku yana alkawarin abu guda da tsawonsa da lambarsa. Na riƙa tsayawa wajen haruffa 55 zuwa 60, saboda Google da faɗin rubutu yake aunawa, kusan piksel 600 a kwamfuta, abin da ya wuce sai ya datse shi. Shi ya sa kalmar da shafi ya mallaka take zuwa farko, sunan shago ya koma ƙarshe inda in an yanke ba asara.

Shi kuwa bayanin ƙarƙashin take ba ya ɗaga shafi sama, aikinsa jawo hannu ya danna. Da can na saka kuɗi a bayanin rukuni, kuɗin ya canza, rubutun ya zama ƙarya. Yanzu kuɗi da tsawo suna wurin kaya kawai. Bayanin rukuni yana faɗin abin da ba ya canzawa: irin zanen da ake samu, cewa ana yanka mita biyar ko goma, da cewa muna aikawa Marwa da Ngaundare da Kusiri. Nakan sa muhimmin zance a haruffa 120 na farko, don kusan duk masu sayenmu da waya suke dubawa.

Sai lakabobi, inda na tarar da ɓarna. Yarinyar da ke taya mu saka kaya takan liƙa wa kowane yadi kalma biyar ko shida, ita a ganinta taimako ne, ni kuma ban taɓa yi mata bayani ba. Da na ƙirga sai ga lakabi 143 a shagon da kayansa ba su kai 300 ba. Akwai "bazin blanc", akwai "bazins blancs", akwai "blanc bazin". Fiye da rabinsu kaya ɗaya ne rak a ciki, kuma shafin lakabi mai kaya ɗaya inuwar shafin kayan ne kawai, hoto ɗaya, suna ɗaya. Na goge masu maimaici. Waɗanda ke taimakon mai yawo cikin shago na bar su, amma na sa musu wannan umarnin da ke hana Google nuna su a bincike:

```
<meta name="robots" content="noindex, follow">
```

Lakabi huɗu kaɗai na bari a buɗe ga bincike, waɗanda suka ratsa rukuni fiye da ɗaya kuma ake nemansu da sunansu, irin kayan lefe, inda atamfa da leshi da mayafi suke haɗuwa. Babu rukunin da zai ce nasa ne, don haka babu wanda suke ci wa kasuwa.

A nan na yi wautar da ta ci mini kusan wata guda. Don in gaggauta, bayan na sa noindex sai na ƙara da toshe hanyar lakabobin a robots.txt, fayil ɗin da ke gaya wa Google inda kada ya shiga. Na jira, na jira, shafukan suna nan daram a bincike. Dalilin mai sauƙi ne: umarnin noindex a cikin shafi yake, ni kuma na kulle ƙofar da Google zai shiga ya karanta shi. Na cire layin toshewar, na fitar da lakabobin daga taswirar shafuka, wato jerin adireshin da ake miƙa wa Google, sannan suka fara zubewa kaɗan-kaɗan. Wani abokina ya ba ni shawarar in sa canonical, alamar da ke gaya wa Google wane shafi ne na asali, daga rukuni zuwa kayan da ya fi tafiya. Ban bi ba. Wannan alamar ta shafuka masu kusan abu ɗaya ce, irin adireshin da ke ƙarewa da ?orderby=price, wanda ya kamata ya nuna rukuninsa na asali. Rukuni da kaya ba abu ɗaya ba ne, kuma Google yana ɗaukar canonical a matsayin shawara ce, yana iya watsi da ita.

In kayan rukuni suka yi yawa suka tsallaka shafi na biyu da na uku, su ma da take ɗaya suke fitowa da na farko. Ƙara %%page%%, wato lambar shafi, a samfurin take na Yoast, manhajar da ke tsara taken shafuka, ya raba su, kowanne kuma canonical ɗinsa yana nuna kansa.

Bayan duk wannan, taken ƙaramin rukunin ya ƙi fitowa yadda na rubuta shi. Google yakan sake take in ya ga bai dace da shafin ba, kuma yakan ɗauko daga babban kan rubutun shafi ko daga kalmomin mahaɗan da ke nuno shi. Da na bincika, sai na ga a shafin farko na shago akwai wani tsohon mahaɗi mai cewa "bazin riche blanc" yana kaiwa ga shaddar nan da ta ƙare, ni da hannuna na sa shi a Sallar da ta wuce. Na juya shi zuwa rukuni, na daidaita kan rubutun shafin da takensa. Ita kuma shaddar, da Goggo ta tabbatar mini ba za a sake kawo zanenta ba, na tura adireshinta zuwa ƙaramin rukunin. Da za a sake kawowa, da na bar shafin a buɗe da sanarwar cewa tana tafe.

Sai bayan Sallah da kusan sati shida na ga jadawalin ya natsu. A kan kalmar nan shafi ɗaya ne ke ɗaukar kusan duk bayyanar, sauran sun koma kan kalmominsu. Ba mu yi tsalle zuwa saman kowa ba, manyan shagunan Duwala da Yawunde suna nan a gabanmu, take kuma ba ya gyara shafin da ke da nauyin buɗewa. Abin da ya canza shi ne inda mai nema yake sauka.

Yanzu littafin nan mai layi biyu yana ajiye kusa da kwamfuta, kuma ba a ƙirƙirar sabon lakabi sai an duba shi. Jiya an sauke sabon leshi, yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Yaya, 'dentelle blanche' na wa ne?" Muka duba, babu mai shi. Leshin fari zane biyu ne kawai a shago, sai na ce ta bar shi a rukunin leshi tukuna, in sun kai biyar mu sake magana.