Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cinikin biri a sama

A makon jiya na tsaya ne inda na ɗauki takalma ashirin a buhu na nufi babbar tasha. Kafin mu isa tashar, bari in koma zauren Baffa, don maganar da ya faɗa mini a can har yau ba ta bar kunnena ba.

Ƙarshen 2022 ne. Na same shi zaune kan buzu yana yanka jar fata, irin ta akuyar nan tamu da ake ji da ita tun zamanin da fatake ke ƙetare hamada da ita. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son ya ranta mini naira dubu ɗari in buɗe shago a waya, in riƙa sayar da takalman gidanmu ga mutanen Kano da Kaduna. Bai ko ɗago kai ba.

"Ɗan nan, wanga ciniki naka cinikin biri a sama na. Shi bai ga takalmi ba, kai ba ka ga kuɗɗi ba."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ai zamani ne ya zo da shi."

Ya ce to in rubuto masa a takarda: wa zai kai kaya, wa zai karɓo kuɗi, in kaya sun dawo wa zai ɗauki asara, kuma nawa zan ba masu talla. Yaya Sani yana gefe yana dariya har da buga cinya. Ita wannan dariyar zan dawo kanta. Na fita raina a ɓace, na ce a zuciyata tsoho ne bai san duniya ta ci gaba ba. Ban rubuta komai ba. Na sayar da babur ɗina na fara.

Lissafin da ke kaina a lokacin bai wuce layi ɗaya ba. Takalmi yana fitowa daga hannun dukawanmu a kan ₦4,500, ni in sayar ₦9,000, riba rabi da rabi. Na ɗauki hotuna a bakin ƙofa da hantsi, na biya ₦30,000 na talla a Facebook da Instagram na tsawon wata ɗaya, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kawowa kyauta ne, kuma sai kaya sun iso hannunka za ka biya. Waɗannan alƙawura biyu su suka kashe ni, ni kuwa a ranar gani nake na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi a Sakkwato.

Saƙonni suka yi ta shigowa WhatsApp, har 120 na ƙirga. Dare ya yi ina amsa "nawa ne" da "akwai baƙi", Inna tana leƙowa tana cewa in kashe wayar nan in kwanta. Da na raba kuɗin talla da yawan saƙonnin, sai na ga kowane mutum ɗaya ₦250 ya tsaya mini, na ce ai wannan araha ce. Cikin 120 ɗin nan mutum ashirin ne suka ce a aiko.

To, ga mu a tasha. Wanda bai taɓa aika saƙo ba yana zaton abin miƙa wa direba ne kawai. Sai ka fara da ɗan kamasho, ya rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jikin ƙunshin, ka karɓi lambar direban, ka kuma rubuta lambar motar da hannunka don in an nemi kaya an rasa ka san inda za ka kama. Motar Kano sai ta bi Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, kuma kowa ya san direbobi ba sa son dare ya same su a wannan hanya, saboda haka wanda bai kai kayansa da asuba ba sai gobe. Ni ban san haka ba. Kullum mutum ɗaya ya ce a aiko, sai in hau kabu-kabu in tafi tasha da takalmi ɗaya, a biya masa kuɗin mota shi kaɗai kamar fasinja. Tsakanin kuɗin direba da na yaron da zai karɓa a can ya kai ƙofar gida, kowane takalmi ya ci ₦2,000. Leda da kwali da salatif ₦300. Buhun da na ambata a makon jiya ma, gaskiya ba rana ɗaya ya tafi ba, a hankali ya ƙare.

Mutum 14 suka karɓa suka biya. Shida suka dawo. Biyu sun ce ya yi musu kaɗan, ɗaya ya ce jan da ya gani a hoto ya fi wannan haske, uku kuwa wayarsu a kashe har yaron ya gaji da zarya. Wanda bai ba da ko kwabo ba, me zai hana shi kashe waya? Dawowar kowanne ta ci ₦1,500, kuma ɗaya ya iso da tabon man inji a fuskarsa, don a but aka jefa shi kusa da jarka. Har yanzu yana nan ƙarƙashin gadona, ƙafa 43.

Daren da na zauna da biro na haɗa lissafin, shi ne daren da na fara rubuta takardar da Baffa ya nema. Takalma 14 sun kawo ₦126,000. Na cire kuɗin yin su, ₦63,000, saura ₦63,000. Daga nan sai aikawa ₦40,000, ƙunshi ₦6,000, talla ₦30,000, dawowa ₦9,000, duka ₦85,000. Na ci uwar kuɗi da ₦22,000, in an haɗa da mai tabon mai ₦26,500. Wata guda ina murna ina ciniki, ashe biya nake yi don mutane su sa takalmi. Tallar da na ce araha ce, da na raba ta da waɗanda suka biya ba waɗanda suka yi sallama ba, kowane mai saye ya tsaya mini sama da ₦2,100.

Yaya Sani ya ji labari, ban san ta bakin wa ba, ko da yake ina da wanda nake zargi. Ranar sunan ɗan Hadiza, a gaban surukai, ya ce, "Ina mai shagon sama? Biri ya sauko?" Aka yi dariya. Shi ne mutumin da bara ya turo mini ɗansa in koya masa yadda ake ɗaukar hoton jaka. Na koya masa, don yaro ba ruwansa. Amma ban manta ba, kuma in yana karanta wannan ya sani ban manta ba.

Na koma wurin Baffa da takarda shafi biyu. Ya sa aka karanta masa, don boko bai dame shi ba, lissafinsa a ka yake yi kuma ba ya kuskure. Abin da na rubuta na farko shi ne ba sauran kawowa kyauta. Mai saye shi zai biya kuɗin mota, kuma zai tura shi tare da rabin kuɗin takalmin kafin kaya su bar Sakkwato. Na san wasu za su gudu, sun kuwa gudu, amma masu kashe waya ne suka fi gudu. Aikawa kuma rana ɗaya a mako, Talata da asuba, duk na Kano a buhu ɗaya zuwa hannun wani abokina da muka yi makaranta tare, shi ya raba, in ba shi ladansa a kan kowane ɗaya. Kuɗin buhu ɗaya mai takalma goma bai kai rabin na ƙunshi goma daban-daban ba.

A kan karɓar kuɗi na buɗe asusu dabam da sunan shagon, don kada kuɗin cefane ya cakuɗe da na fata. Kuma ba na yarda da hoton rasit ko saƙon da ya shigo waya. Wannan ban rubuta shi a takardar farko ba, daga baya na ƙara, lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa. Wani ya turo mini rasit mai kyau, da sunana da komai, yana ta kira wai yana sauri mota za ta tashi. Na ba da kaya. Kuɗin har yau suna hanya. Tun daga ranar sai na buɗe manhajar banki na ga abin da ke cikin asusun ya ƙaru da idona, kuma duk wanda ya cika gaggawa shi nake fi sa wa ido.

Maganar dawo da kaya ita ta fi ba ni wahala, don takalmi ba hula ba ne. Lambar 42 ta wani baduku ba ita ce 42 ta wani ba, tunda kowa da ma'auninsa. Sai na daina tambayar lamba. In ce mutum ya taka farar takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya zagaye ta da biro, ya auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da tef ɗin tela, ya turo mini santimita nawa ne. Hoto kuma a inuwa nake ɗauka yanzu, don hasken rana yana ƙara wa jar fata kyan da ba nata ba. Wanda bai yi masa daidai ba yana da kwana uku ya faɗa, a canza masa wani in bai taka ƙasa da shi ba. In kuskuren nawa ne ni zan biya mota, in nasa ne shi zai biya. Duk da haka na ware ₦500 daga kowane takalmi na ajiye don ranar da za a dawo da wani.

Na ɗaga farashi zuwa ₦11,000. A cire ₦4,500 na yi, ₦300 na ƙunshi, ₦500 ɗin ajiya, da ₦1,500 da na yanke wa talla a kan kowane mai saye, saura ₦4,200, a ciki nake sallamar abokina na Kano. Talla kuma na daina zuba ta wata guda a tafi. Dubu ɗaya a rana, ga garuruwan da motata ke zuwa kaɗai, don a wancan karon har mutanen Fatakwal na biya suka ga takalmin da ba ni da hanyar kai musu. Duk Juma'a in raba abin da na kashe da yawan waɗanda kuɗinsu ya shigo. In ya haura ₦2,500 sai in tsayar, in canza hoto. Waɗannan alƙaluma duk sun tashi aiki bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tsalle, sai da na sake zama da biro. Amma layukan takardar ba su canza ba.

Da aka gama karanta masa, Baffa ya yi shiru yana goga wuƙarsa a dutse. Can ya ce, "In guda yad dawo, nawa yar rage maka?" Na faɗa masa. Ya ce, "In ukku?" Na faɗa. Ya tura hannu ƙarƙashin buzu ya ƙirgo dubu arba'in, ba ɗari ba, ya ce in biya bayan ƙaramar salla.

"Har yanzu biri shina sama," in ji shi. "Amma ka ɗaura mai igiya."

Bai taɓa cewa na yi daidai ba, har Allah ya karɓi abinsa. Yadda na biya dubu arba'in ɗin nan, da abin da Yaya Sani ya je ya faɗa wa Inna a kansu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.